Yadda Malam Zahari Ya Kashe Kaskar Zuma

Abu biyu ne Malam Zahari bai taɓa yafe wa ɗalibi ba a duk shekarun da ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren garin Kalofer: maimaita kalma da kame-kame. In yaro ya rubuta kalma ɗaya sau biyu a sakin layi, sai ya zagaye ta da jan biro, ya tambaye shi ko gobara ce ta cinye ƙamus ɗin gidansu. In kuwa yaro ya fara amsa da "ina jin" ko "wataƙila", sai ya ce masa ya zauna har ya gama ji. Ya yi ritaya da daɗewa, amma har yau mahaucin garin yakan gyara tsayuwa in ya hango shi.

Sai Allah ya ba wannan mutum 'ya ɗaya tilo, Boryana, wadda ta girma ta zama mai binciken cututtukan ƙudan zuma a wata cibiya a Plovdiv. Aikin da ba a buɗe baki a cikinsa sai da "alamu na nuna".

Mujallar da take bugawa a ciki da Bulgariyanci take fitowa, amma dole kowace maƙala ta zo da tsakure na Turanci, kalma ɗari biyu da hamsin, ba ƙari. Mutanen waje ba su karanta sauran. Shafi goma sha biyar ɗin da mutum ya zubar wa gumi suna nan a rufe, wannan ɗan sakin layin kaɗai ke fita duniya. Tun tana ɗaliba ubanta ke juya mata shi. Tun rasuwar mahaifiyarta kuma, Malam Zahari ya lura da wani abu da bai taɓa faɗa wa kowa ba: Boryana takan yi waya kullum, amma ba ta hawo dutse ta zo gida ta wuni sai in akwai fassara. Saboda haka babu mai yi wa kimiyya fatan ci gaba kamarsa.

Ranar wata Lahadi a farkon Agusta ta zo da takardar, ta ajiye ta kusa da tukunyar miyar wake.

"Wannan ya fi na baya muhimmanci, Baba," in ji ta. "Shekara guda na yi a kansa. Edita yana so kafin Litinin ta sama."

"A kan me kuma? Ƙafar ƙuda ta hagu?"

"A kan wannan." Ta nuna ɗan kwanon cubritsa da yake barbaɗa wa burodinsa, ganyen ƙamshin da babu teburin da ba a samunsa a garin. "Man da ake tatsa daga jikinsa. Mun gwada shi a kan varowa."

Varowa dai kowa a Kalofer ya san ta, ko bai da amya. 'Yar mitsitsiyar kaska ce ja da ke maƙale wa ƙudan zuma tana tsotsarsa, in aka bar ta sai a buɗe amya bayan sanyi a tarar da gawa. Malam Zahari ya dubi burodinsa da sabon girmamawa.

Da safiyar Litinin ya share tebur, ya fito da ƙamus ɗinsa mai bango kore, ya karanta tsakuren. Ransa ya ɓaci. Yarinya ta yi aiki kamar jaka, amya arba'in a wurare biyu, rabi an sa musu man rabi an bar su don a kwatanta, ta jure harbi, ta ƙirga kaska har idonta ya yi ja, amma da ta zo ba da labari sai ta koma kamar mai neman aron gishiri. "Sakamakon yana nuni da cewa." "Mai yiwuwa ya taimaka." "A ƙarƙashin yanayin da aka gwada." "A matsayin ƙari ga magungunan da aka saba." "Ana buƙatar ƙarin bincike." Halin uwarta ne sak, Allah ya jiƙanta, wadda ko an tambaye ta ƙarfe nawa sai ta ce kamar dai biyu.

Ya yanke shawarar ya taimaki 'yarsa. Inda ta ce yana nuni, ya sa ya tabbatar. Inda ta ce mai yiwuwa ya taimaka wajen rage kaska, ya sa yana kawar da ita. Akwai wata magana ta masu lissafi da ta yi amfani da ita a kan bambancin da aka samu, ya ga ta yi sanyi, ya mayar da ita "gagarumin bambanci". Akwai jimlar da ta ce ba a samu tabbataccen bambanci ba a yawan amyoyin da suka tsallake sanyi da rai. Wannan ya share ta ɗungurungum, don kalmomin sun yi yawa, kuma wa ke tallan kayansa da labari mara daɗi?

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wata kalma da ta nanata har sau biyar, wadda ke nufin yawan kaskar da ke jikin ƙudaje. 'Yar Malam Zahari, sau biyar! Ya buɗe ƙamus ya samo mata 'yan'uwa, ya raba musu wuraren daidai wa daida. Da ya gama ya karanta da ƙarfi, ya ji Turancin yana tafiya kamar soja. Ya tura mata ta kwamfuta, ya buga kwafi ɗaya ya linke ya sa a aljihu.

Kwafin nan shi ya jawo magana. Da la'asar ya sauka shagon kofi na bakin gada, inda tsofaffin garin ke gyara duniya, ya tarar da maƙwabcinsa Minko, wanda ake kira Bai Minko don girmamawa. Bai Minko mai kiwon zuma ne, amyoyinsa na can gefen daji, kuma tun suna yara bai taɓa yarda da wata magana ta Zahari a karo na farko ba.

"Malam, yau kuma wa za a kora daga aji?" in ji Minko.

"Jahilci," in ji Malam Zahari, ya zaro takardar. Ya karanta Turancin tukuna don su ji daɗin sautin, sannan ya juya musu nasa Turancin zuwa harshen gida. Na Boryana na asali yana can kan tebur ƙarƙashin ƙamus.

Minko ya ajiye kofinsa. "Cubritsa? Wannan da matata Penka ke shanyawa a baranda?"

"Ita fa."

"Tana kawar da varowa?"

"An tabbatar. Ga shi a rubuce, da Turanci ma."

Kashegari Boryana ta kira. Ba ta tambayi hawan jininsa ba, daga nan ya san akwai magana.

"Baba, wane ne ya yi wannan binciken da ka turo min? Ina so in san shi, don ya fi ni sa'a."

"Na ɗan tsayar masa da ƙafa ne, Dakta. Kin rubuta shi kamar mai ba da haƙuri."

"Ka ce na tabbatar. Kaka ɗaya, wuri biyu. Wannan ba ya tabbatar da komai, yana nuna inda za a sake dubawa ne. Ka ce gagarumin bambanci. Ni cewa na yi lissafi ya nuna da wuya a ce bambancin dace ne kawai. Bambancin kansa ba shi da wani girma."

"To ai duk tafiyar ɗaya ce."

"Ba ɗaya ba ce. Kuma kalmar da ka raba wa 'yan'uwa, Baba. Tawa tana nufin kaska nawa ake samu a jikin ƙuda ɗari. Ɗaya daga cikin naka tana nufin amya nawa ne ke da kaska. Duk arba'in ɗin suna da ita, kafin da bayan. Ka sa na ce amyoyi sun warke, alhali ko ɗaya ba ta warke ba."

"Maimaita kalma..."

"A wurinmu in ka canza kalma, mai karatu zai ɗauka ka canza abin da ka auna. Ina jimlar sanyi?"

Malam Zahari ya dubi takardarta da ke ƙarƙashin ƙamus.

"Da wannan ya fita da sunana," in ji ta, "da duk wanda ya buɗe jadawalin ya ga ƙaryata. Lambobi ba su buƙatar fassara." Ta ja numfashi. "Bar shi kawai, Baba. Zan san yadda zan yi. Ka sha maganinka."

Ta kashe. Ya daɗe riƙe da wayar. Da faɗa ta yi masa da ya ji sauƙi, ya saba da faɗa. "Zan san yadda zan yi" ɗin nan ce ta tsaya masa a rai, don ya san ma'anarta ba sai ya buɗe ƙamus ba: akwai kamfanonin fassara a Plovdiv, akwai na'ura a cikin wayarta. In wannan tsakuren ya tafi ba ta hannunsa ba, na gaba ma haka zai tafi, Lahadi kuma ta koma shi da tukunyar wake. Tsoro ya ji, irin na tsoho da ya gane an daina buƙatarsa. Amma da yake shi ne, sai ya fassara wa kansa tsoron a matsayin fushi, ya wuni yana faɗa wa kyanwa cewa yaran yanzu ba su san salo ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka buga ƙofa. Bai Minko ne da kwalbar zuma a hannu, fuskarsa wasai, abin da ba a saba gani ba.

"Na Dakta ne," in ji shi. "Ka ce mata Minko na godiya. Bana ba ni ba shagon magani."

"Kamar yaya?"

"Na gama ɗibar zuma, yanzu ne lokacin sa maganin kaska, ko ba haka ba? To na fasa. Penka ta cika babbar tukunya da cubritsa tun asuba, gidan har ya koma kamar kanti. In ya huce in fesa. Na gaya wa mutum uku a ƙungiyarmu, ranar Asabar zan gaya wa sauran."

Malam Zahari bai karɓi kwalbar ba. Ya san abin da amyoyin nan suke a wurin Minko. Da su ya aurar da 'ya'yansa, da su yake cika fanshon da ba ya kai shi ƙarshen wata. Ya kuma san abin da jimlar da ya share ta ce.

"Minko, dakata. Ba dafaffen ganye ba ne, mai ne da aka tatsa, aka auna."

"Ganye dai ganye ne."

"Kuma ba wai yana kawar da ita gaba ɗaya ba. Yana... mai yiwuwa yana rage ta."

Minko ya karkata kai. "Mai yiwuwa? Kai ne kuwa, Zahari? Ranar Litinin an tabbatar, yau Alhamis mai yiwuwa. Kafin Asabar sai ka ce ba ka da 'ya."

"A yanayin da suka gwada ne kawai. Wuri biyu, kaka ɗaya. Kuma ƙari ne a kan maganin da aka saba, ba a madadinsa ba."

"Wannan duk yana cikin takardar?"

"Yana cikin... ta asali."

"Au, biyu ce takardar." Minko ya gyara riƙon kwalbar, ya fara jin daɗin safiyar fiye da yadda ya zata. "To ni tambaya ɗaya gare ni, Malam. Waɗanda aka sa wa man, sun fi sauran tsallake sanyi?"

Ita ce tambayar da duk mai amya zai yi, kuma amsarta ce ya share don ya samu wurin "gagarumi".

"Ba a samu tabbataccen bambanci ba," in ji Malam Zahari da ƙaramar murya. "Ana buƙatar ƙarin bincike."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Sai da Malam Zahari ya raka shi har shagon magani da ƙafarsa, ya tsaya a kansa ya ga ya saya. Sannan suka bi gidajen mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, Minko na gabatar da shi a kowace ƙofa da cewa ga Malam ya zo gyaran jarrabawa. Penka kuwa ta aiko masa da tulu guda na ruwan cubritsa, ta ce tunda shi ya sa aka dafa, shi zai shanye.

Da ya dawo gida bai ko cire takalmi ba. Ya zaro takardar Boryana daga ƙarƙashin ƙamus ya sake karantawa. Wannan karon kowane "mai yiwuwa" da ya gani sai ya ga fuskar Minko a bayansa. Ya sake fassarar daga farko. Ya tura mata ba tare da ya rubuta komai ba sai: "Na yi wake da yawa."

Ba ta amsa ba. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Ranar Lahadi ya jiƙa waken da ya ce ya yi, ya ɗora, ya yi ta fita baranda yana duba tumatir ɗin da ba abin da ya same su. Wajen azahar ya ji ƙarar motarta tana fama da hawan layin. Ya koma ciki da sauri ya ɗauki jarida, don kada a ce jira yake.

Ta shigo da takardar a hannu, ta sumbaci goshinsa, ta zauna. Bakinta na rawa kamar mai danne dariya.

"Na haɗu da Bai Minko a gada," in ji ta.

"Mutumin banza ne."

"Ya ce in gaishe da Malam Mai-Yiwuwa." Ta shimfiɗa takardar. "Baba, wannan ya fi. Amma ka ce 'an yi amfani da abin da mai yiwuwa ya kai amya arba'in'."

"Taka-tsantsan."

"Arba'in ne. Ni na ƙirga, sun harbe ni. Nan kuma ka ce 'alamu na nuna cewa an yi gwajin a watan Agusta'. Ina wurin, Baba."

"Da kin ce na cika ƙarfi, yanzu kuma na cika laushi. Ke da uwarki..."

"Abin da na yi da abin da na auna, a faɗe su kai tsaye. Abin da nake tsammanin suna nufi, shi ke buƙatar mai yiwuwa. In ka barbaɗa shi ko'ina kamar cubritsa, mai karatu ba zai san inda nake shakka da gaske ba."

Ya tura mata jan bironsa. Ta karɓa da hannu biyu, kamar an miƙa mata sandar sarauta.

Suka bi shi jimla jimla, wake na tafasa a bayansu. Ta share masa "mai yiwuwa" huɗu, ta bar biyu inda ta sa su tun farko. Jimlar sanyi ta koma mazauninta. Kalmar nan ta dawo sau biyar cur, Malam Zahari yana runtse ido a kowane ɗaya kamar ana cire masa haƙori. Da suka ƙirga sai suka ga sun haura da kalma tara. Nan fa malamin ya farka. Ya nuna mata inda ta ce "an gudanar da aikin auna" alhali "an auna" ya isa, ya haɗe mata jimla biyu da ke faɗin abu ɗaya, ya gyara mata wani lokaci na aikatau da ya zame. Ko "mai yiwuwa" ɗaya bai taɓa ba. Suka sauka a ɗari biyu da arba'in da takwas.

"Ka gani?" in ji ta. "Wannan ni ban iya ba."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ga yadda biron ke gudu a hannunta ɗazu, ba ta ko kalli ƙamus ba. Ya tuna cewa yarinyar nan ta tsaya gaban taro a ƙasashen waje ta yi jawabi, ta amsa tambayoyi, ba ya nan. Abin ya daɗe a ransa, yau dai ya ga gara ya fito.

"Sakamakon yana nuni da cewa," ya fara, yana juya cokali, "mai yiwuwa, a ƙarƙashin wasu yanayi, kina iya wannan aikin ba tare da ni ba."

"Tun ina shekara ta biyu a jami'a."

Bai zaci za ta faɗa da sauri haka ba.

"To me ya sa kike kawo min?"

Boryana ta rufe biron. "Bayan rasuwar Mama na zo sau uku haka kawai. Duk ukun ka tare ni a ƙofa ka ce me ya faru, ba ni da aikin yi ne, man mota kyauta ne? Na ga ba a shiga gidan nan sai da takarda. Sai na riƙa zuwa da takarda."

Malam Zahari ya buɗe baki zai musa, ya tuna, ya rufe. Shi da yake zaton tsakure ne ke kawo ta, ashe shi ne ya sa wa ƙofarsa kuɗin shiga. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da ya rasa inda zai ajiye shi. Ya tashi ya duba waken da bai buƙaci dubawa ba, ya daɗe yana juyawa, bayansa gare ta.

"Maƙala ta gaba sai yaushe?" ya tambayi tukunyar.

"Sai baɗi, in an samu kuɗin bincike."

Ya zuba mata, ya zuba wa kansa, ya tura mata kwanon cubritsa. Ya yi gyaran murya irin ta gaban aji.

"Lahadi mai zuwa," in ji shi, "wataƙila, in ba ki da wani..."

"Baba," in ji Boryana, "zauna har ka gama ji."

Ya zauna. Ya ajiye cokalin.

"Ki zo," in ji shi. "Kada ki kawo komai. Ina kewarki."